Takardar Rakiyar Lissafin Ƙarshen Shekarar 2024

14 ga Fabrairu, 2025

Hajiya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikata. Ga lissafin maɗaba'a na shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2024, na haɗo shi da wannan takarda: bayanin riba da asara, da bayanin abin da maɗaba'a ta mallaka da abin da ake bin ta, sai jadawalin injuna a shafin ƙarshe.

Kafin ki buɗe, bari in faɗa miki abin da idonki zai fara sauka a kai. Littattafanki sun nuna ribar 9,400,000, lissafin da na shirya kuma ya nuna 10,450,000. Bambancin 1,050,000 ɗin nan bai ƙara ko kwabo a asusun banki ba, bai kuma rage ba. Magatakardanki yana rubuta abu ne ranar da kuɗi ya shigo ko ya fita, kuma wannan ya wadatar wa aikin yau da kullum. Lissafin ƙarshen shekara shi wata tambaya yake yi: aikin wace shekara ne ya kawo kuɗin nan, kuma wace shekara ce ta ci amfanin abin da aka kashe? Kusan duk gyare-gyaren da na yi amsar wannan tambaya ce, wato mayar da kowane abu shekararsa.

Mafi girma shi ne na injin yankan takarda da kika saya ranar 1 ga Afrilu a kan 3,600,000. An rubuta shi a shafin gyaran injuna, tsakanin kuɗin bel da ladan makaniki, kamar abin da aka kashe ya wuce. Alhali injin yana nan, na gan shi da idona yana datse rim guda a sara ɗaya, kuma zai yi shekaru yana yi. Abin da zai daɗe yana aiki haka kadara ce, don haka na cire shi daga kashe-kashen shekara na sa shi cikin kadarori. Wannan kaɗai ya ɗaga riba da 3,600,000.

Sai dai inji ba ya zama sabo har abada. Kowace shekara yana cinye wani yanki na darajarsa, kuma dole shekarar ta ɗauki nata rabon. Na ƙiyasta zai yi shekara 5, na raba kuɗinsa daidai wa daida, ya kama 720,000 a shekara. Da yake wata 9 kawai ya yi aiki a 2024, rabon shekarar 540,000 ne. Babban injin bugu da aka saya 12,000,000 muna raba shi a kan shekara 10 kamar yadda muka saba, wato 1,200,000. Kwamfutoci 300,000. Jimillar raguwar daraja ta zama 2,040,000, an cire ta daga riba. Na san a bara kin ce wannan layi ba ya kwanta miki, tunda ba ki ga wanda kika miƙa wa kuɗin ba. Gaskiyarki, babu wanda aka biya a bana. Tun ranar saye aka biya, yanzu rarraba nauyin muke yi. In ba a yi haka ba, shekarar saye za ta fito kamar an yi asara, shekarun da ke biye kuma su nuna ribar da ta fi gaskiya, har ranar da injin zai tsaya a rasa abin sayen wani. Shekara 5 ɗin nan ƙiyasina ne. Ke da mai kula da injin kun fi ni sanin ƙarfinsa, in kuna ganin zai kai 7 ko 8, ki faɗa min mu gyara kafin sa hannu.

Sai kayan sito. Mun buɗe shekara da takarda da tawada da faranti na 2,100,000. Ƙidayar da muka yi ranar 31 ga Disamba ta ba da 2,900,000 a farashin saye. Amma kin tuna rim-rim ɗin da ke jikin bangon baya, waɗanda damshi ya kama gefensu har suka yi lanƙwasa? Mai sito ya zaro ɗaya ya nuna mana yadda take mannewa, ya ce inji ba zai ja ta ba. An saye su 400,000, kuma abin da mai sayen ragowar takarda ya taya 150,000 ne. Ƙa'idar lissafi ita ce a rubuta kaya da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sayensu da abin da za a samu in an sayar, bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Na rage 250,000, kayan sito suka tsaya a 2,650,000. Da yake littattafanki sun ɗauki duk takardar da aka saya a shekara kamar an yi amfani da ita, ƙarin 550,000 da ke tsakanin buɗewa da rufewa ya koma kan riba.

Kuɗin haya ba shi da wuya. Kin biya 2,400,000 ranar 1 ga Yuli na wata 12, rabinsa na Janairu zuwa Yunin 2025 ne, na tura 1,200,000 gaba. A ɗaya gefen na dawo da 1,000,000 da muka turo daga 2023. Riba ta ƙaru da 200,000.

Akasin haka, akwai abin da aka mora a Disamba ba a biya ba sai Janairu: wutar lantarki 180,000, kuɗin ƙarin lokacin ma'aikata 260,000, da ladan wannan aiki nawa 300,000, jimilla 740,000. Na sa su cikin kashe-kashen 2024, na kuma nuna su a matsayin bashin da ake bin maɗaba'a. Na cire 500,000 irinsu na 2023 da aka biya a farkon 2024, don kada a ƙirga su sau biyu. Riba ta ragu da 240,000. Akwai kuma cajin banki na 70,000 da na gani a takardar banki ba a shigar a littafi ba, na shigar.

Gyaran da nake ganin zai fi yi miki ciwo shi ne na makarantar da ta ba da kafin alƙalami 1,500,000 ranar 18 ga Disamba, na littattafan rubutu. An rubuta shi ciniki, kuma na fahimci dalili, kuɗi ne ya shigo hannu. Amma har shekara ta rufe ba a buga ko shafi ɗaya ba, sai 20 ga Janairu aka kai kaya. A ranar 31 ga Disamba kuɗin amana ne a hannunki: ko ki yi aikin, ko ki mayar. Na cire shi daga cinikin 2024 na sa shi cikin abin da ake bin maɗaba'a. Bai ɓata ba, zai fito a cinikin 2025 tare da kuɗin takardar da aka buga aikin da ita.

Maganar bashi kuwa tana buƙatar mu zauna. Littafi ya nuna ana riƙe wa maɗaba'a 3,800,000. A ciki akwai 620,000 na kamfanin shirya taruka da muka yi wa aiki tun 2022. Ofishinsu a rufe yake, lambobinsu ba sa shiga, wasiƙu uku da muka aika babu amsa. Na share shi daga lissafi. Sharewar nan ba yafiya ba ce, Hajiya. Haƙƙinki yana nan, kina da ikon ci gaba da nema, kuma duk ranar da aka biya za mu rubuta shi a shekarar da ya shigo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ci gaba da nuna wa banki ko wani mai son haɗa jari da ke cewa kuɗin nan dukiya ce a hannu. Cikin 3,180,000 da ya rage, akwai 900,000 da ya haura wata 6 ba a biya ba. Ban share shi ba, domin masu shi suna nan kuma suna amsa waya, amma na ware kashi 20 cikin 100, wato 180,000, saboda tsaro. Gaba ɗaya riba ta ragu da 800,000. Sunayensu suna shafi na 4. Kin san mutanen nan, ni takarda kawai na gani. In akwai wanda kike da tabbacin zai biya, ko wanda kika san ba zai biya ba ni kuma na bar shi, ina son in ji.

Na ƙarshe zan faɗe shi da girmamawa. Cikin kashe-kashen maɗaba'a na tarar da kuɗin makarantar yara, da man motar gida, da asibiti sau biyu, jimilla 1,350,000. Dukiyarki ce, babu mai hana ki ɗauka. Sai dai ba ɗawainiyar bugu ba ce, don haka na mayar da su shafin abin da mai jari ta ɗiba. Riba ta ƙaru da wannan adadi, jarinki da ke cikin kasuwanci bai canza ba, tunda kuɗin ya riga ya fita. Abin da ya sa na damu da wannan, in kuɗin gida ya cakuɗu da na aiki, ba za ki san ainihin abin da buga littafi ɗaya yake ci ba, kuma a kansa kike yanke farashi. Shawarata ki yanka wa kanki wani adadi kowane wata, a tura shi asusunki na kanki, hidimar gida ta fita daga can.

In kika bi su a jere: 9,400,000, a ƙara 3,600,000 na inji, 550,000 na sito, 200,000 na haya da 1,350,000 na gida, ya zama 15,100,000. A cire 2,040,000 na raguwar daraja, 240,000 na abin da ba a biya ba, 70,000 na banki, 1,500,000 na kafin alƙalami da 800,000 na bashi, saura 10,450,000. Wannan riba ce kafin haraji. Lissafin haraji yana da nasa dokoki, musamman a kan injuna da bashin da aka ware, don haka kada ki ɗauki wannan adadi a matsayin wanda za a yanka haraji a kai. Zan aiko da nasa daban da zarar mun daidaita a kan wannan.

Abin da nake buƙata daga gare ki: ra'ayinki a kan shekarun injin yanka, dubawar sunayen shafi na 4, da rasit ɗin sayen injin, domin kwafin da ke fayil ya dushe ba a ganin kwanan wata. Idan kin gamsu, ki sa hannu a shafi na 2 na kwafi biyun, ki riƙe ɗaya ki dawo min da ɗaya. Zan shigo maɗaba'a ranar Alhamis 20 ga Fabrairu da ƙarfe 10 na safe in Allah ya kai mu, in zauna da magatakarda mu shigar da gyare-gyaren a littafi, don 2025 ta buɗe da alƙaluman da 2024 ta rufe da su. In ranar ba ta yi miki ba, ki sa a kira ni mu sauya.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema.

Naki,
Akantan maɗaba'a