Wasiƙar Watan Yuli: Rumbu Ya Yi Ƙasa, Muna Neman Hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki,

Damina ta kankama a Katsina, amfanin gona bai nuna ba, hatsin bara kuma ya kusa ƙarewa. A irin wannan lokaci ne tamowa ke kama yara ƙanana. Matan ƙungiyarmu na bi gida-gida da ɗan tef ɗin awo, suna ɗaura shi a damtsen yaro. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, sai asibiti a ranar, babu jira. Idan ruwan ɗorawa ne, mukan ba uwa garin kunu na gero, waken soya da gyaɗa, mu nuna mata yadda ake damawa.

Wasiƙar nan iri biyu ce. Ta Turanci ta tafi ga masu tallafa mana a Legas da ƙasashen waje, inda muka roƙe su gudummawar kuɗi duk wata. Ku na gida roƙonmu daban ne: ku kawo tiya ɗaya ta gero ko waken soya ofishinmu ranar Asabar, kafin azahar. Mai babur ko a-daidaita-sahu ma muna buƙatarsa, don kai kaya ƙauyuka.

Wanda zai zo ya amsa wannan saƙo da sunan unguwarsa.

Allah Ya saka da alheri.

Sakatariyar ƙungiya