Ƙorafi kan hayaniyar dare a gidan haya na Hotoro

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali ya kuma zafin nan, Allah ya kawo mana damina lafiya. Baban Amira ne, ɗan hayanka na sashe na biyu a gidanka na Hotoro. Dan Allah ka yi haƙuri da tsawon saƙon, na ga gara in rubuta komai a zube ka karanta a nutse lokacin da ka samu sarari, dan a waya mutum sai ya manta rabin abin da yake son faɗa.

Maganar a kan maƙwabcina ne na sashe na uku, yaron nan mai gyaran waya a Farm Centre wanda ya tare bayan ƙaramar sallah. Tun farko bari in faɗi gaskiya, ba faɗa muka yi ba, muna gaisawa lafiya lau, kuɗin ruwa da na kwashe shara bai taɓa bari an bi shi ba, ranar da fanfon tsakar gida ya fashe ma shi ya kira mai gyara da kuɗinsa. Abin da ya dame mu guda ɗaya ne, ƙarar da ke fitowa daga wajensa da daddare.

Na farko janareta. Ƙaramin nan ne na hannu, amma ya ajiye shi a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da namu, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da Hajiyarmu take kwana da yara, tsakanin injin da tagar bai fi taku uku ba, kuma a kan siminti yake kai tsaye babu ko katako a ƙasa, so in ya tashi har gilashin tagar karkarwa yake. Da an ɗauke wuta yake tayarwa, wajen bakwai da rabi zuwa takwas, wani lokacin sai ɗaya na dare yake kashewa, wani lokacin ma sai man ya ƙare da kansa. Kuma salansar ta wajen tagarmu take kallo, hayaƙin cikin ɗakin yake shiga. Alhaji ka san zafin Afrilu a Kano, in mun rufe taga ɗakin ba ya kwantuwa, in mun buɗe ga hayaƙi ga ƙara. Wannan hayaƙin shi ya fi tsaya min a rai wallahi, saboda mun sha jin labarin gidajen da aka kwana da inji kusa da ɗaki aka wayi gari da gawarwaki, abu ne da yake kama mutum yana barci bai sani ba. Ƙaramar yarinyar tana tashi da ciwon kai da safe, ban ce lallai shi ne dalili ba tunda ni ba likita ba ne, amma ban ji daɗin abin ba.

Na biyu kallon ƙwallo. Ranakun Talata da Laraba da ake buga Champions League abokansa suna zuwa, mutum shida bakwai, sai kuma ƙarshen mako. Kallon kansa ba laifi ba ne, nima ina kallo. Wasan ƙarfe takwas ake farawa yanzu, wajen goma an tashi, da a nan abin ya tsaya da ba za ka ji bakina ba. To amma bayan an tashi sai su fito da kujeru tsakar gida a dasa musu, wa ya fi wa, alƙalin wasa ya yi son kai, ana ihu ana tafi ana buga benci, sannan a haɗa waya da babbar sifika a saki kiɗa har sha biyu da rabi, in sun tashi tafiya kuma kowa ya tada mashin ɗinsa a cikin soro ya ja get da ƙarfi. Daren Larabar da ta wuce ɗaya saura kwata aka rufe get ɗin ƙarshe, na duba agogo.

Hajiyarmu tana da hawan jini, a asibiti an ce ta dinga samun isasshen barci, kuma tsohuwa in aka tashe ta sau ɗaya shikenan idonta biyu har kiran assalatu. Amira tana shirin WAEC a wata mai kamawa, da daddare take karatu, yanzu sai dai ta ɗauki littafi ta koma kicin ta rufo ƙofa da fitilar caji a cikin wannan zafin. Ni kuma daga masallacin asuba nake shirin fita Kwari. Kuma ba mu kaɗai ba ne, mutanen sashe na ɗaya suna da jariri, maigidan ya ce in na rubuto maka in sa da shi, za ka iya kiransa ka ji daga bakinsa.

Kafin in kawo maka na same shi ni da shi a ƙofar gida bayan la'asar, na yi masa bayani a hankali, ya ba da haƙuri ya ce bai san abin ya kai haka ba, kuma gaskiya an samu sauƙi na 'yan kwanaki sai abin ya dawo. Na sake tuna masa ta saƙo, ya ce insha Allah zai gyara. Maganar injin kuma ya ce tsoron ɓarayi yake ji in ya kai shi baya, sannan wayar wutar injin ba za ta kai ba. Na ga uzurinsa abin dubawa ne, an taɓa haurowa ta katangar bayan nan, kai ma ka sani. Akwai rikodin ɗin murya da na ɗauka daga cikin ɗakinmu da lokacin a jiki, ban tura wa kowa ba, ban sa a group ɗin gida ba dan bana son a kunyata shi gaban mutane, in kana so in turo maka kai kaɗai.

Abin da nake roƙo ba wai a tashe shi ba ne, sam. A mayar da injin bayan gida kusa da tankin ruwa, a ɗora shi kan tsohuwar taya, a juya salansar ta kalli katanga, a yi masa ɗan keji na rodi da kwaɗo saboda ɓarayin. Kuɗin ƙarin waya da na mai walda ni na yarda in biya rabi. A dinga kashe shi sha ɗaya na dare, in akwai wata lalura ta musamman ya faɗa mana, mu ma mutane ne. Kiɗa da hira a tsakar gida su tsaya ƙarfe goma, masu son musun ƙwallo ga mai shayi nan a bakin layi, mashina kuma a tura su waje kafin a tayar. In ka ga dama wannan lokutan su zama doka a kan kowa a gidan har da ni, kar ya ga kamar shi kaɗai aka sa wa ido.

Wasu sun ce in kai wa mai unguwa ko Hisbah, na ce a'a, gida yana da mai shi kuma yaron yana jin maganarka. In za ka samu shigowa ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar duk muna gida, sai a zauna da shi da mutanen sashe na ɗaya ka ga inda injin yake da idonka. In kuma ba ka gari ko kiransa ka yi a waya zai taimaka kafin ka dawo, musamman maganar hayaƙin, ita ce bana so ta ƙara kwana da yawa.

Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma ya saka da alheri. A gaida Hajiya da yara.

Baban Amira, sashe na biyu