Saƙon aiki: sauya kalar jan farcen amarya a hotunan kamu

Ƙanena, barka da safiya. Na fita ɗaukar hoton suna, ba zan dawo ba sai bayan la'asar, don haka aikin amaryar nan ta ranar Asabar yana hannunka. Hotuna 14 ne a folda mai suna KAMU, duk waɗanda hannunta ya fito sosai. Jan farcenta jajawur ne, kayanta kuwa kore mai duhu, ta ce a mayar mata da shi kalar kayan. Lallen ba ruwanka da shi, haka zobe.

Sauya kalar kanta aikin minti biyu ne. Abin da ke tona asirin mai gyaran hoto shi ne ƙyallin da ke kan farce da kuma siririyar fatar nan ta gindinsa. Idan ɗaya ya mutu a hannunka, farcen zai koma kamar an yanko leda an manna.

Fara da hoto na shida, wanda ta ɗora hannu a kan mayafi, shi ya fi fitowa tar. Buɗe shi a Photoshop, ka danna Ctrl+J, ka bar na asali a ƙasa ba tare da ka taɓa shi ba. Na san hannunka zai kai ga Color Range ko Quick Selection saboda sauri. Kada ka yi. Fatar mutum da jan lallen da ke kan yatsunta duk dangin ja ne a wurin kwamfuta, za ta kwaso su tare da farcen. Ɗauki Pen Tool, ka matso da hoton zuwa 300%, ka zagaye farce ɗaya bayan ɗaya.

A nan nake so ka natsu. Dubi gindin farcen da kyau: jan farcen bai kai har jikin fata ba. Akwai ɗan tsukin fili da mai shafawa ta bari, sai siririyar fata mai haske, sai wata 'yar inuwa inda farce ya shige ƙarƙashin naman yatsa. Layinka ya bi bakin fentin kawai, ya bar waɗannan ukun a waje. Inda hannun mai shafawar ya ɗan karkace, kai ma ka karkace tare da shi, kada ka gyara mata. A ɗan yatsan tsakiya ma akwai wurin da fentin ya ɗan ɓantare a baki, ka bar shi haka sai in amarya ce ta ce a cike. Na taɓa zama na daidaita farata goma sumul, kowanne kamar an auna da ma'auni, mai hoton tana gani ta ce wannan ba hannunta ba ne. Gaskiyarta.

Idan ka gama zagayewa, danna dama a kan layin, zaɓi Make Selection, ka sa Feather Radius a 0.5. Sai ka buɗe sabon Group, ka maƙala masa mask daga wannan zaɓin. Duk gyaran farcen da za ka yi daga nan, a cikin wannan Group ɗin zai zauna, saboda in baki ya sami matsala wuri ɗaya za ka gyara. Yatsun da suka yi baya, waɗanda kyamara ta ɗan dusashe, su ma bakinsu ya dusashe: bi mask ɗin da burushi mai laushi har ya yi daidai da hoton. Kaifin baki a kan dusasshen yatsa daga nesa ake hango shi.

Yanzu kala. Cikin Group ɗin sa Solid Color, ka tsinko koren daga jikin mayafinta, inda ba haske sosai ba inuwa. In ya ruɗe ka, fara da `#14452F`. Mayar da blend mode zuwa Color. Wannan yana ɗaukar launi daga sama, ya bar haske da duhun hoton ƙasa yadda suke, shi ya sa ƙyallin ba ya ɓacewa. Amma kuma saboda wannan dalilin ne za ka ga koren ya fito da haske fiye da na kayan, domin hasken jan ne ya gada. Sa Curves a ƙarƙashinsa ka ja tsakiya ƙasa har duhun ya zo daidai.

To, Curves ɗin nan shi ne zai shaƙe ƙyallin. Danna sau biyu a gefen sunan layer ɗin, akwatin Layer Style zai buɗe, ka gangara zuwa Blend If. A layin Underlying Layer, riƙe Alt ka ja farin tsinken, zai rabe biyu. Kai rabi ɗaya wajen 170, ɗayan ka bar shi wajen 230, kana kallon farcen. Za ka ga farin layin filasha yana dawowa a hankali. In ba ka raba tsinken ba, bakin ƙyallin zai fito da tsage-tsage. Lambobin nan mafari ne kawai, idonka ne alƙali.

Wani lokaci wannan ba ya isa, musamman a hoto na tara da na goma da aka ɗauka a inuwar rumfa, inda ƙyallin ba fari ba ne, ja ne mai haske. A waɗannan sai ka kwafo na asali ka kai shi can sama a cikin Group, ka danna Ctrl+Shift+U ya zama baƙi da fari, sannan Ctrl+L ka tura baƙin tsinke dama har komai ya nutse in ban da ƙyallin. Mayar da shi Screen. Baƙi yana ɓacewa a Screen, haske kaɗai zai rage a kan koren. Rage Opacity zuwa wajen 60% ka gani. Kada ka zana ƙyalli da hannu. Na gaskiya yana bin lanƙwasar farce, kuma a duk yatsu biyar daga gefen da fitila take yake zuwa.

Saura abu ɗaya da kowa ke mantawa. Jan farce mai sheƙi yana watsa launinsa a fatar da ke kewaye da shi, sai ka ga koren farce zaune cikin jan zobe siriri. Buɗe sabon layer a wajen Group, sa shi a Color, riƙe Alt ka tsinko kalar fata daga gaɓar yatsa, ka shafa a gefen farcen da ƙaramin burushi, Flow 10%. Jan zai kwanta, zanen fata kuwa yana nan. Inda lalle ya zo har bakin farce, ɗaga hannunka, wannan jan nata ne.

Kafin ka adana, koma 100%, ka kashe Group ka kunna sau uku. Abin da ya kamata ya motsa a idonka kala ce kaɗai. In ka ga gindin farce yana rawa ko inuwa tana ɓacewa, mask ɗinka ya ci iyaka, koma ka share da baƙin burushi.

Sauran hotunan duk kore ɗaya za ka yi amfani da shi, Curves kaɗai za ka riƙa motsawa gwargwadon hasken kowanne. Adana PSD da layoyinsa, ka fitar da JPEG a sRGB. Turo min na shida da na tara ta WhatsApp a matsayin Document, don kada ya matse su, kafin ka taɓa ragowar 12 ɗin. Kuɗin man janareto yana cikin durowa ta biyu.