Adakar Inna

Sai da aka yi sadakar arba'in sannan aka buɗe ɗakin Inna Habsu. Rabon bai ɗauki lokaci ba, don ba wani abin kirki ta bari ba: kwalla, tasoshi, gadon ƙarfe, da awaki biyu. Yayyen Zalika maza, waɗanda suka zo daga Abijan inda suke biɗa, hankalinsu na kan motar komawa. Da aka zo kan tsohuwar adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, babban ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya ce, "Tsummokaran Inna ne. Ke ce mace, ɗauki."

Ba tsummokara ba ne. Gwado ne fari mai kauri, da zannuwan saƙi biyu masu zanen zabo, da baƙin zane rinin baba, sai majanyin da aka goya su da shi su duka huɗu. Duk saƙar hannun Inna. Ita ƴar wani ƙauye ce kusa da Madawa, inda ake noman auduga a kwarin Majiya, da sana'ar aka kawo ta Tawa aure a 1974. Zalika na iya tuna ta zaune gaban masaƙar da aka jingina da bango, tana buga zare, tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Zalika ba ta taɓa cewa a koya mata ba. Ita ƴar lakkwal ce, kuma lokacin atamfa ta riga ta cika kasuwa.

Ta kai adakar gidanta, ta yi wa kayan abin da take ganin shi ne gata. Kowane zane ta ninke shi tsaf, ta sa a leda, ta ɗaure bakin, ta watsa kafur, ta sa kwaɗo, ta tura adakar kusurwar ɗaki jikin bango. Ba ta son kowa ya taɓa, ita ma ba ta iya gani ba tare da ta yi kuka ba. Damina biyu adakar na nan.

Ranar da ta buɗe, bayan ɗaukewar ruwa, wari ne ya fara tarbar ta. Bangon ya sha ruwan watan Agusta, danshi ya shiga, leda ta riƙe shi. Fumfuna ta yi wa gwadon ɗigo-ɗigo baƙaƙe, tsatsar gindin adaka ta ci leda ta zana ja a jikin saƙi ɗaya, gara kuma ta bi ta wata ƴar huda ta cinye gefen majanyin kamar faɗin tafin hannu. Jikinta na rawa ta kwashi gwadon, ta jiƙa shi da omo da ruwan jabel, ta cuɗa iya ƙarfinta, ta matse, ta shanya a igiya cikin tsakar rana. Nauyin ruwan ya ja shi. Tana tsaye ta ji ƙyat, ya tsage daidai kan layin ninki.

Nan ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ta ɗauki gwadon ta tafi neman magani. Tela ya ce zai bi shi da keke, jika ɗaya. Har ta miƙa, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gefe ta kama bakin gwadon ta murza.

"Kada ki bari keke ya hau wannan, ɗiyata. Zaren keke ya fi shi ƙarfi, yanka shi zai yi. Wannan kaɗin hannu ne. Nemi wadda ta kaɗa."

"Innata ce, ta rasu."

"Allah shi jiƙanta. To nemi wadda ta iya."

Mutum ɗaya Zalika ta sani da ta taɓa gani da mazari, kuma ita ce wadda ba ta son zuwa wurinta. Iya Kulu, kishiyar Inna. Tun da Baba ya rasu aka raba gida, tsakaninsu sai gaisuwar salla da ta mutuwa. Zalika ta tashi tana ganin matan biyu a gida ɗaya, kowace da murhunta, magana ba ta wuce ta kwana da girki. Kwana tara tana juya abin a ranta, sannan ta sayi goro da sukari ta nufi gidan ɗan Iya, inda tsohuwar take zaune.

Idon Iya Kulu ya yi rauni. Bayan sun gaisa, ta karɓi gwadon ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Jabel kika sa mishi?"

"Na sa, Iya."

Ba ta yi faɗa ba. Ta bi bakin tsagewar da yatsu, ta zaro zare ɗaya, ta warware shi a hankali, ta yi shiru har Zalika ta ɗauka ta manta da ita.

"Wanga zare ni na kaɗa shi."

Zalika ta ɗago kai.

"Uwarki ba ta da haƙurin kaɗi, ni kuwa ban iya saƙa ba. Shekarar yunwa, da kina ciki, Malam ya tahi Kurmi wata bakwai babu labari. Hatsi ya ƙare. Ban ce mata komi ba, ita ma ba ta ce mini ba. Na gurza auduga, na shiɓe, na kaɗa, da dare na aje mata a bakin ƙofa. Da safe na ga ta ɗora a masaƙa. Haka muka yi ta yi. Ta saƙa, in kai kasuwa, mu auno abin da za a dama muku. Wanga shi ne na ƙarshe, da Malam ya dawo ta ce ba za a sai da shi ba."

A 1984 aka haifi Zalika. Shekara kusan arba'in tana jin labarin yunwar nan, ba wanda ya taɓa gaya mata wannan.

Daga ranar, kowace Asabar sai ta aika a ɗauko Iya. Abin da tsohuwar ta fara sa ta yi shi ne fitar da kayan duka daga leda. "Zane numfashi shikai, kamar mutum," in ji ta. Suka shimfiɗa tabarma a inuwar zaure inda iska ke ratsawa, suka baje su kwana uku, ana juyawa, rana ba ta taɓa su ba, don rana tana cin launi tana kuma busar da zare har ya riƙa karyewa. Da fumfunar ta bushe, Zalika ta ɗaure hanci da kallabi ta kaɗe ta da burushi mai laushi, a waje, nesa da ɗaki. Tabon bai fita duka ba. Iya ta ce a bar shi, duk abin da zai fitar da shi zai tafi da zaren.

Baƙin zanen kuwa ta hana a sa masa ruwa. Ta sa aka jiƙa farin ƙyalle aka danna a gefensa, ƙyallen ya taso da shuɗi. Shuni a bayan zare yake kwance, yana kuma goga wa na kusa da shi, saboda haka aka ware shi daban. Saƙin da ya yi datti shi kaɗai suka wanke, shi ma ba wankin da Zalika ta sani ba. Babban baho, ruwan sanyi, ɗan sabulu kaɗan da aka narkar tukuna. Aka kwantar da zanen a kan wani farin yadi, ana danna shi da tafin hannu, babu cuɗa, babu matsewa. Aka ɗauraye har ruwan ya fito garau, suka ɗago shi da yadin su biyu kamar mai ɗaukar jinjiri, aka shanya shi kwance. Sitaci ma ta hana, ta ce abincin ƙwari ne.

Gyaran shi ya fi cin lokaci. Aka samo auduga daga wajen Konni. Iya Kulu ta sa aka tono mata mazarinta daga ƙasan kwalla, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Hannun na rawa da farko, zaren na tsinkewa, tana tsaki. Zuwa la'asar ya fara fitowa sumul. Zalika na gefe tana kallon yatsun nan da suka tanƙware, tana lissafin darare nawa suka yi suna wannan aiki a gaban fitilar ƙwai, ita tana cikin uwarta.

Da zaren ta koyi ɗinki. Ana shimfiɗa wankakken farin yadi a bayan wurin da ya tsage, a daidaita bakin biyu, a bi da allura siririya ta tsakanin zare, ba ta cikinsa ba, ɗinki ƙanana ba tare da an ja da ƙarfi ba, yadda nauyin zai koma kan yadin baya. Sau uku Iya na shafawa tana cewa a warware. Wurin da gara ta ci a majanyi ba su yi ƙoƙarin ɓoye shi ba, sun dai tallafe shi don kada ya ƙaru. A cikin wannan aikin ne Zalika ta fara ganin hannun Inna: inda ta ƙulla zare da ya tsinke, inda bugun ya yi sako-sako kamar ta gaji ko yaro ya yi kuka, da wani siririn layin shuɗi da take sawa kusa da bakin kowane zane.

Lokacin hutun lakkwal wani aiki ya kai ta Yamai, ta ratsa gidan tarihi na Boubou Hama, inda ake ajiye tufafin gargajiya, masaƙa kuma na aiki a fili mutane na kallo. Ta nuna wa wata ma'aikaciya hotunan a waya. Matar ta ce duk abin da tsohuwar ta koya mata daidai ne, ta ƙara mata biyu. Kada ta sake ninkewa, don kan ninki zare ke karyewa, ta naɗe kowanne a jikin sanda da aka lulluɓe da farin yadi. Sannan ta rubuta wanda ya yi shi, da inda aka yi, da shekara, a ajiye tare.

Adakar ƙarfen ta koma ta zuba takalma. Kafinta ya yi mata akwatin katako mai tsawo, aka ɗora shi kan bulo huɗu, da tazara tsakaninsa da bango yadda za a ga hanyar gara in ta taso. Busasshen ganyen dogon yaro da kanumfari ta ƙulla a ƙyalle ta sa a kusurwa, ba su taɓa zane ba. Suka yanke cewa sau biyu a shekara za a fito da kayan su sha iska a inuwa: kafin ruwan farko, da bayan ɗaukewar damina.

Ranar da za a rufe akwatin, Zalika ta zauna da takarda da fensir. Ɗiyarta Nana, mai shekara goma sha ɗaya, ita ke riƙe da bakin gwadon ana naɗewa.

"Karanta mini abin da kika sa," in ji Iya.

"Gwado fari. Saƙar Inna Habsu, kaɗin Iya Kulu. Tawa, 1984."

Tsohuwar ta gyara lulluɓinta, ta juya fuska wajen bango na ɗan lokaci.

"Da saura. Sa wadda ta gyara."

Zalika ta ƙara sunanta a ƙasa. Nana kuwa ta riga ta saki gwadon, ta ɗauki mazarin daga cikin tasa tana jujjuya shi.

"Ba haka ake riƙo ba," in ji Iya Kulu, tana laluben hannun yarinyar. "Matso nan. Miƙo allin."