Wasiƙa zuwa ga iyayen yara game da hotunan sababbin littattafai

Garwa, Litinin 11 ga Agusta 2025

Zuwa ga iyaye maza da mata, da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi mana barka da damina. Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Na rubuto ne don ku ji wannan magana daga bakina kafin ku tsince ta a bakin kasuwa. Idan an koma makaranta a watan Satumba, za mu raba wa 'yan ajin SIL da CP da CE1 sababbin littattafai biyu, na karatun Hausa da na Larabci. Hotunan da ke ciki ba hannun mutum ya zana su ba, kuma ba da kyamara aka ɗauka ba. Na'ura ce ta haɗa su, da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Malami yakan rubuta mata abin da yake so, kamar "mace tana daka gero a tsakar gida", sai ta fitar da hoto bisa ɗimbin hotunan da aka horar da ita da su. Darussan kuwa malamanmu ne suka rubuta da kansu. Littattafan Faransanci da Ingilishi da lissafi da ke cikin jerin gwamnati suna nan yadda suke, ba mu da hurumin taɓa su.

Kuɗi ne dalili na farko, ba zan ɓoye muku ba. Muna bukatar hoto 140, kuma da an zana su da hannu, da littafi ɗaya ya haura sefa 3,000. Yanzu 1,500 ne. Na biyu kuma, tsohon littafinmu na Larabci daga waje ya zo, cike da tuffa da jiragen ƙasa. Yaron da ya tashi yana ganin kwalekwale a kan Binuwai da tarin auduga a bakin hanya, ya fi saurin kama harafi idan abin da ya sani ne a gabansa.

To amma na'urar ba ta san Garwa ba, mun kuwa sha fama da ita. Da muka nemi saniya, sai ta ba mu wata mai dabbare-dabbare, ba tozo, ba ƙaho, wadda ko Bafulatani ɗaya ba zai yarda tasa ce ba. Ta zana yaro yana cin tuwo da hagu. Ta zana wata uwa da yatsu shida, taɓaryarta kuma tana lilo a iska, ba ta ko nufi turmin ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne allo: ta cika shi da wasu ƙwanƙwame-ƙwanƙwame masu kama da Larabci, amma ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Nan take muka yanke cewa duk rubutun da zai fito a cikin hoto, malamin Larabcinmu ne zai rubuta da alƙalaminsa. Kowane hoto sai da malamai uku da iyaye biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE suka duba shi, waɗanda muka yar kuwa sun fi waɗanda muka ɗauka yawa.

Na san akwai masu damuwa ta fuskar addini, kuma damuwarsu tana kan hanya. Babu hoton wani Annabi ko sahabi ko mala'ika a ciki, kuma ba mu bar na'ura ta kusanci ayar Alƙur'ani ba. Sutura irin tamu ce. Haka nan ba mu ba ta hoton ɗan kowa ba. Fuskokin da za ku gani na mutanen da babu su ne a duniya, don haka idan ɗanku ya ce ga kawunsa a shafi na 12, kama ce kawai. Za mu buga wannan bayani a bangon kowane littafi, malamai kuma za su faɗa wa yara a aji, domin gara su sani tun yanzu cewa ba kowane hoto ne abin da ya faru ba.

Abu ɗaya bai kwanta min ba har yau. Mai zanen da ya saba yi mana taswira da allunan bango ya rasa babban aiki a wannan karo. Mun ba shi gyaran hotunan da zanen bangon littafin, an kuma biya shi haƙƙinsa, amma na san bai kai abin da zai samu ba.

Za mu ajiye kwafi goma a ofishina daga gobe Talata, ƙarfe 8 zuwa 12 na rana. Ku zo ku duba, musamman iyaye mata, don ku kuka fi mu sanin yadda ake riƙe taɓarya. Ranar Asabar 23 ga Agusta da ƙarfe 9 na safe za mu zauna a harabar makaranta, kuma ba za a kai littattafan maɗaba'a ba sai bayan wannan zama. Duk hoton da taro ya ce a cire, za a cire shi.

Wassalam.

Naku,
Daraktan makaranta