Wasiƙa zuwa ga Bashir, kwana uku kafin jarrabawa

Agege, Legas
Daren Laraba

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kawu da sauran mutanen rumfa. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin na san tun da aka shiga wannan makon wayarka ba ta huta ba, kuma duk wanda ya kira tambaya ɗaya yake yi, wato yaya shiri. Ni ba zan yi maka ita ba. Wannan takarda kuma ba ta neman amsa, ka karanta ta lokacin da ka sami sarari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, da ka ce kana jin kamar duk abin da ka karanta ya zube daga kanka. Na yi shiru a lokacin saboda akwai mutane, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni ma haka na ji ana jibi zan shiga tawa JAMB ɗin, har na kasa tuna abubuwan da na sani tun ina aji uku, sai da na zauna gaban kwamfuta tambayar farko ta bayyana sannan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ban ce lallai haka taka za ta kasance ba. Ina dai so ka san wannan faɗuwar gaban ba shaida ba ce a kan cewa ba ka yi karatu ba.

Shaidar da nake da ita ta ido ce. Wata biyar ke nan kana tashi kafin asuba ka tari motocin albasa a kasuwar Mile 12, ka wuni kana ciniki cikin rana da hayaniya, sannan bayan sallar isha'i ka buɗe littafi a ɗakin da wuta ba ta cika zama ba. Na ga yadda takardun tambayoyin shekarun baya suka yi laushi a hannunka, har warin albasa ya kama su, abin da nake yi maka tsiya da shi kullum. A watan Disamba tambayoyin Turanci 60 ɗin nan suna cinye maka fiye da awa guda, amma a gwajin da muka yi makon jiya ka gama dukkan 180 kafin awa biyun ta cika, har da ragowar mintuna. Wannan aiki ka riga ka yi shi, babu sakamakon da zai goge shi.

Na san makin bara, 178 cikin 400, yana nan yana yi maka nauyi, kuma na san kana tunanin abin da za a ce a gida idan bana ma bai kai yadda kake so ba. Ba ni da ikon yin magana da yawun kowa, amma a wurina kai ne Bashir ɗin da ya rako ni Akoka da akwatina a kansa ranar da na fara jami'a, kuma ranar da sakamako ya fito, ko mai daɗi ko akasinsa, matsayinka bai motsa ba. Idan ya yi kyau mu yi murna, idan bai yi ba mu zauna mu biyu mu duba abin yi, ba tare da kowa ya ji ba sai wanda ka so.

Game da ranar Asabar, ba ni da darasi, saboda haka in kana so zan zo Ketu da asuba mu hau BRT tare, mu bi titin Ikorodu tun kafin cunkoso ya taso, mu isa Yaba da wuri. Tunda ba a shiga da waya, ni zan riƙe maka ita da jakarka a waje, kai kuma ka shiga da takardar shaidarka. Idan kuma ka fi son ka tafi kai kaɗai domin hankalinka ya fi kwanciya, wallahi ba zan ji komai ba, kalma ɗaya ta isa.

Idan ka fito, na yi alkawarin ba zan tambaye ka yadda ta kasance ba sai in kai ka ɗauko zancen. Za mu wuce Agege, domin Inna ta ce za ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe saboda kai, kuma ta ce in gaya maka tana saka ka a addu'a bayan kowace salla.

Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sauƙaƙa, Ya zaɓa maka mafi alheri. Ka gaishe mini da Kawu.

Naka har kullum,
Nasiru