Neman ƙarin albashi: takarda zuwa ga manajan masana'anta

Litinin, 9 ga Fabrairu, 2026

Assalamu alaikum Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne in nemi a duba albashina, a ɗaga shi daga naira 160,000 zuwa naira 220,000 a wata, daga albashin Maris. Tun da na karɓi siton kamfani a Janairun 2024 albashin bai motsa ba, aikin kuwa ya ƙaru, kuma abin da ya haifar yana rubuce a littattafan da ke ofishin akanta. Shi nake so ka duba.

Zan fara da sayen shanshera, domin nan ne kuɗin ya fi tsiyayewa. A da, idan mota ta iso daga Kura ko Haɗeja, ana damƙo shinkafar ne a ciji ƙwaya ɗaya, idan ta yi ƙas a ce ta bushe. Haƙori kuwa ba ya bambanta damshin kashi 14 cikin ɗari da na kashi 18. Daga watan Yunin 2025, da aikin saye ya dawo hannuna, babu motar da ake saukewa sai an soki buhu goma aƙalla, daga gaba da tsakiya da bayan mota, an gwada da na'urar auna damshi a gaban dillalin. Tsakiyar ce ta fi muhimmanci, don can ake cusa ɗanyen kaya a rufe shi da busasshe. Abin da ya haura kashi 14 sai a rage farashinsa daidai da ruwan da ke cikinsa, wanda ya kai kashi 20 kuma mu mayar da shi, sai dai in mai kaya ya yarda ya shanya a filinmu a sake aunawa.

Ga lissafin kakar da ta wuce. Tsakanin Oktoba da Disamba mun sayi tan 1,800. A ciki, tan 420 sun zo da damshin da ya kai kusan kashi 18. Shanshera mai damshin 18 idan ta sauko zuwa 14 tana rasa kilo 4.65 a kowane kilo 100, wato kimanin tan 19 da rabi ke nan a wannan kaya. A farashin da muka saya, naira 400,000 kowane tan, ya kama naira miliyan 7.8 da za mu biya kuɗin ruwa da sunan shinkafa. An cire su tun a wurin biya, kuma takardar kowace mota tana ɗauke da sa hannun dillalinta. Dillalai biyu sun yi fushi sun ɗauke ƙafa a farkon kaka, kamar yadda ka sani. Ɗaya ya dawo a Nuwamba, kuma kayansa yanzu suna cikin mafi bushewa da muke samu.

Na biyu shi ne giɓin sito. Ƙidayar ƙarshen 2023, kafin in karɓa, ta nuna buhu 143 na kilo 50 da ke cikin littafi amma babu su a ƙasa. A ƙarshen 2024 giɓin ya sauko zuwa 38, a Disambar da ta wuce kuma buhu 9 ne. Ba zan ce duk waɗancan buhunan sata ce aka hana ba. Da yawansu rashin rubutu ne: kayan da kwastoma ya dawo da su ba a shigar ba, ko buhun da ya yage aka juye shi cikin wani ba a soke lambarsa ba. Shi ya sa ban sa musu kuɗi a wannan lissafi ba. Abin da ya canza shi ne yanzu kowane jeri buhu 200 ne cif, da katinsa a rataye, lambar takardar fita dole ta yi daidai da ta littafin mai gadi, kuma duk Asabar muna ƙidaya maimakon jiran ƙarshen shekara. Kuskuren mako guda ana gano mai shi kafin ya manta abin da ya faru.

A damunar 2023 an zubar da farashin buhu 60 saboda sun sha danshin ƙasa sun yi baƙi. Mun ɗora komai a kan katako, muka bar tazarar taku guda tsakanin jeri da bango, kuma wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Damuna biyu ke nan ba mu rasa buhu ko ɗaya ta wannan hanya ba.

Lodi ma ya gyaru. Tirela mai buhu 600 kan cinye awa biyar a da, saboda 'yan dako suna jiran a nemo jerin da za a ɗiba. Yanzu ana ware kayan gobe tun da yamma, lodi ba ya wuce awa biyu da rabi, kuma tun Afrilun bara ba mu biya direba kuɗin kwana ba. A nan yabon na shugaban 'yan dako ne da yaran sito huɗu da ke ƙarƙashina, nawa tsara aikin ne kawai. Haka kuma ƙaruwar tsabar shinkafa da injin ke fitarwa ban lissafa ta a nawa ba, duk da busasshen kaya na taimakawa, domin aikin injiniya ne da masu turara.

Sai batun muƙami. Takardar ɗaukata aiki ta ce mai kula da sito. Tun da jami'in saye ya ajiye aiki a watan Yuni, ni ke cinikin shanshera da dillalai, ni ke kan sikeli, ni ke sa hannu kafin akanta ya biya, ga siton kuma yana nan. An ce na wucin gadi ne, yau wata takwas ke nan, kuma ba a ɗauki wani ba. Aikin bai fi ƙarfina ba, ina ma son ci gaba da shi. Abin da nake nema shi ne a rubuta shi a takarda a matsayin jami'in saye da sito, albashin kuma ya dace da shi. Ƙarin naira 60,000 a wata ya kama naira 720,000 a shekara, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gwajin damshi kaɗai ya tsare a kaka guda ba.

Na san farashin shinkafa ya faɗi kuma ciniki ya ja baya, na kuma san maganar sai ta je gaban Alhaji. Idan ba zai yiwu a lokaci guda ba, zan amince da naira 195,000 daga Maris, sauran a cika a watan Yuli bayan sayen shinkafar rani, bisa sharaɗin giɓin sito bai wuce buhu 10 ba a ƙidayar tsakiyar shekara, kuma kowace mota tana da takardar damshinta. Sai dai ina roƙon a rubuta sharaɗin da ranar, don kada maganar ta tsaya a fatar baki.

Na haɗa da kwafin ƙidayar shekaru uku, da jerin motocin kaka da abin da aka rage wa kowace, da littafin lokutan lodi. Akanta ya duba alƙaluman damshin ya ce sun yi daidai da nasa. Idan kana da sarari ranar Alhamis bayan La'asar, ina neman minti ashirin mu bi su tare, ka tambaye ni duk inda bai gamsar da kai ba kafin ka kai wa Alhaji.

Allah Ya ƙara girma.

Naka,
Sani
Mai kula da sito